Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ban Kwana ga Hedimastanmu, Tare da Roƙo ga Shugabannin Ilimi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Malam, babanmu kuma shugabanmu, hedimastan makarantar firamare ta garinmu a nan ƙasar Kabi, da kuma masu girma shugabannin ilimi da makarantar take ƙarƙashin kulawarsu.

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa da girmamawa, muna tambayar lafiyarka da ta iyali. Ni ne malamin aji huɗu, kuma sakataren ƙungiyar iyaye da malamai. Ranar Asabar da ta wuce muka zauna a ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar ofishinka, malamai da iyaye maza da 'yan kwamitin kula da makaranta, mata kuma suka aiko da nasu saƙon ta bakin wakiliyarsu. Aka ɗora mini in rubuta abin da aka tattauna. Saboda haka duk inda ka ga na ce "mu", bakin jama'a ne. Inda na ce "ni", ka yi mini uzuri, ɗalibinka ne yake magana, domin kai ka fara riƙe hannuna a kan allo ina aji ɗaya.

Mako uku ya rage ka ajiye aiki. Mun san halinka, ba ka son a yabe ka a gabanka, kuma da za a bi ta taka, da sai dai ka miƙa makulli ka hau babur ka tafi gida. Mun buɗe wannan wasiƙa ga kowa ne saboda dalili biyu. Yabon gwani ya zama dole. Sannan da muka zauna muna lissafa abin da za mu gode maka a kai, sai muka ga kowane abu da muka ambata yana tsaye ne a kanka kai kaɗai, kuma babu wanda ya tanadi abin da zai riƙe shi idan ka tafi. Wannan magana ta wuce tsakaninmu da kai, dole ta kai kunnen waɗanda ke da ikon yanke hukunci.

Bari in fara da abin da na fi sani, wato rijistar kiran suna. Mutanen gari suna ganinka da jan biro ranar Juma'a kana duba littattafanmu, amma kaɗan ne suka san abin da kake nema a ciki. Ana kiran suna sau biyu a rana, da safe da kuma bayan an dawo tara. Wanda ya zo a ja masa layi, wanda bai zo ba a zagaya masa sifili. Kwana biyar sau biyu ya ba da kira goma a mako. Ajina yana da yara 60, saboda haka idan kowa ya zo kullum, jimillar mako ita ce 600. A farkon zangon bara muna samun wajen 540, wato kashi 90 cikin ɗari. Wani mako a watan Oktoba jimilla ta faɗo zuwa 420, kashi 70 ke nan. Ni na rubuta lambar a ƙasan shafi na kawo maka ka sa hannu kamar kullum.

Ba ka sa hannu ba. Ka ce in ja kujera in zauna. Ka ce bambancin 120 ne, kuma idan aka raba shi da kira goma, daidai yake da yara goma sha biyu da suka ɓace mako guda cur. Ka ɗora yatsa kana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai ga sifili jere daga Litinin har Juma'a a gaban yara goma sha biyu, goma daga cikinsu 'yan unguwar bakin fadama. Ka ɗago ka ce mini, "Shinkafa ta fid da kai, ɗiyan ga suna korar tsuntsaye." A ranar ka koya mini cewa kowane irin sifili da labarinsa. Wanda ke faɗowa rana ɗaya tak kowane mako, ranar kasuwa ce. Wanda ke zuwa bayan tara kaɗai, yaro ne da ya fito bai karya ba, ko yarinyar da ake jira ta ɗauki talla. Wanda ya warwatsu nan da can a ƙarshen damina, zazzaɓi ne. Wanda ya jeru mako biyu ko uku, aikin gona ne, kuma yakan dawo lokacin dashen shinkafar rani. Wanda ka fi tsoro shi ne na yarinyar aji biyar ko shida da ya fara bai tsaya ba, don wannan idan aka yi jinkirin mako biyu, sai dai a ji an sa rana.

Daren nan bayan sallar Isha'i ka je masallacin unguwar, na raka ka. Ba ka yi wa kowa faɗa ba, domin kai ma manomi ne, ka san abin da jan-baki zai yi wa gonar da aka bari awa biyu babu mai tsaro. Kuka yi shawara da iyaye: manya su riƙe gadin safe, a ɗaura igiya da gwangwanaye a zagaye gona yadda mutum ɗaya zai ja ta kaɗa ko'ina, yara kuma su karɓa bayan an tashi makaranta har faɗuwar rana. Ba duka suka dawo ba. Takwas suka dawo a mako na gaba, jimilla ta hau 500, sauran huɗun sai bayan girbi muka gan su. Amma takwas ɗin nan sun zauna jarrabawar zango, kuma yanzu suna aji biyar. Wata uwa daga unguwar ta ce lallai in sa a wasiƙar nan cewa ɗiyarta tana karanta mata takardar asibiti yau saboda zuwanka gidansu sau uku. Na sa, kamar yadda ta nema.

Masu girma shugabanninmu, ga kukanmu na farko. Har yau da nake wannan rubutu ba a sanar da wanda zai gaji Malam ba. Ranar ritayar malami ba ta zuwa da bazata. Tun ranar da aka ɗauke shi aiki aka san ta. Tsohuwar ƙa'ida ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga wa malamai zuwa 65 ko 40. Ko da wacce aka yi lissafi, ranar tana rubuce a cikin fayil shekara da shekaru. Idan aka bari sai Malam ya tafi sannan aka turo wani, sabon zai tarar da makulli da hatimi da kujera, amma ba zai tarar da wanda zai nuna masa wace unguwa ke ɓacewa a wane wata ba, ko wane dattijo ake fara gaisarwa kafin a yi maganar yaran unguwa, ko wane aji ne ke yoyo idan ruwa ya zo daga gabas. Mun ga haka a makarantar wani ƙauye kusa da mu. Zango guda suka yi babu tsayayyen shugaba, malamai suka koma zuwa lokacin da suka ga dama, ba mai duba dayarin darasi, ba mai sa hannu a littafin zuwa aiki. Kafin a gyara, yara da yawa sun koma gona da kiwo, kuma dawo da yaron da ya saba da zaman gida ya fi shigar da sabo wuya.

Kuka na biyu ya shafi littattafan makaranta da filinta, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Duk wanda ke ƙasar nan yana tuna ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi. A lokacin makarantu suna rufe tun watan Maris saboda korona, ba kowa a harabar. Ruwa ya taso daga fadama da daddare, kafin hantsi ya shiga azuzuwa. Kowa yana ta kansa, ana kwashe hatsi da awaki zuwa tudu. Malam, kai ma gidanka yana cikin haɗari, amma ka nemi mai kwale-kwale ya kai ka bakin makaranta, ka sauka ruwa har ƙugu, ka buɗe ofis. Ni na iso daga baya na same ka kana cusa rijistoci a buhun taki da ka shimfiɗa wa leda a ciki, kana ɗorawa a ka. Biyu mafi tsufa, waɗanda ke ƙasan kanta, sun riga sun sha ruwa. Na ga yadda ka shanya su a zaurenka, a inuwa don kada rana ta nannaɗe takardar, kana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, kana sa tsinken tsintsiya a tsakani don iska ta ratsa. Kwana tara kana wannan aiki.

Wanda bai san aikin ba zai ce tsofaffin takardu ne kawai. Rijistar shiga ita ce asalin makaranta. Kowane yaro ranar da aka kawo shi ana ba shi lamba, kuma lambar tasa ce har abada, ba a sake ba wani. A gabanta ake rubuta sunansa, ranar haihuwarsa, sunan mahaifi ko mariƙi, ranar shiga, ajin da ya shiga, sannan daga baya ranar fita da dalilin fita. A garin da yawancin manya ba a yi musu takardar haihuwa ba, sau da yawa wannan layi guda shi ne rubutu mafi tsufa da ke ɗauke da sunan mutum da shekarunsa. Bara wani matashi ya zo daga Birnin Kebbi hankali tashe. Ya samu aiki, wajen tantancewa aka ce ya kawo shaidar gama firamare, tasa kuwa ta tafi da ruwa. Ka tambaye shi shekarar da ya shiga da sunan malamin ajinsa na farko, ka ɗauko littafin, cikin minti goma ka sa yatsa a kan lambarsa. Tawadar ta ɗan baje saboda ruwan da ta sha, amma tana karantuwa. Ka rubuta masa shaida ka buga hatimi, bai biya ko sisi ba.

To, tun daga ambaliyar nan littattafan suna cikin wata adaka a ɗakin Malam, domin ofishin makaranta ba shi da kabad na ƙarfe, silin ya zube, gara kuma ta ci ƙafar kantar katako. Da rijistocin shiga, da littafin tarihin makaranta inda ake rubuta duk wani muhimmin abu da ya faru da kwanan watansa, da littafin baƙi, da na sakamakon jarrabawa, duk suna can. Malam ya rubuta takardar neman kabad fiye da sau ɗaya, kwafin yana nan a fayil. Yanzu idan ya yi ritaya, ba daidai ba ne kayan hukuma su zauna a gidan wanda ya bar aiki, kuma idan aka mayar da su ofis yadda yake, damina ɗaya ta ishe su.

Filin makaranta ma haka yake. Mahaifin mai garinmu na yanzu, Allah ya jiƙansa, shi ya ba da shi, da baki, a gaban shaidu. Shaidun nan saura mutum biyu a raye, kuma dukansu sun manyanta ƙwarai. Babu takarda, babu taswira, babu dutsen iyaka. Abin da ake da shi shi ne abin da ke kan Malam: daga tsamiya ta gabas zuwa tsohuwar rijiya, daga nan a miƙe zuwa giginyu biyu na arewa. Gari yana faɗaɗa, fuloti ya yi tsada. Sau biyu ana tura kunya cikin filin ƙwallo da sunan kuskure, sau biyu Malam yana zuwa da sanyin murya ya mayar da ita inda take, kuma an ji maganarsa ne saboda furfurarsa da kuma sanin cewa ya san iyakar. Baƙon hedimasta ba zai samu wannan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ko bangon ba mu da shi.

Na uku gajere ne, don lissafi ne kawai. Yara 438 ke cikin rijista. Malamai bakwai ne har da Malam. Ɗaya malamin Arabiyya ne da ke zagaya dukkan azuzuwa, biyar suna riƙe da aji ɗaya zuwa biyar, aji shida kuwa hedimasta da kansa yake koyar da shi tun da aka yi wa malaminsu canjin wurin aiki ba a maye gurbinsa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ranar da Malam ya tafi za mu koma shida, wato malami ɗaya ga yara 73, fiye da ninki biyu. Kuma ajin da zai wayi gari babu malami shi ne wanda ke shirin jarrabawar shiga sakandare.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mana rai, kuma mun san Malam ba zai taɓa faɗarsa da bakinsa ba. Maganar haƙƙinsa ce, garatuti da fansho.

Mun ga abin da ya sami wani malaminmu da ya yi ritaya 'yan shekarun baya. Albashi ya tsaya cak a watan da ya bar aiki, fansho bai fara ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishin da abin ya rataya a wuyansa, kuɗin mota daga aljihunsa, kowane zuwa da sabon abin da za a ce babu. Daga ƙarshe aka gano matsalar: sunansa an rubuta shi iri ɗaya a takardar ɗaukar aiki, wani iri a takardar ƙarin girma, wani iri kuma a banki, harafi ɗaya ko biyu ne bambancin. Kafin a warware, ya jinginar da gonarsa ta fadama. Mutumin da ya koyar da rabin garin nan ya koma karɓar bashin hatsi a hannun ɗalibansa. Wallahi duk wanda ya gan shi a lokacin bai manta ba.

Fayil ɗin Malam ya fi wancan tsufa. An ɗauke shi aiki tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Takardarsa ta farko tana ɗauke da sunan waccan jiha. Ya shigo da shaidar malanta mai daraja ta biyu, daga baya ya yi karatun NCE yana aiki, ya yi makarantu huɗu kafin ya zo mana. Kowane mataki a nan takarda ce da za a nema: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma har na ƙarshe, ta canjin wurin aiki, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, takardar sanar da ritaya da amincewar da aka yi mata, da takardar albashi ta ƙarshe. Idan ɗaya ta ɓata, ko ranar haihuwa ta saɓa tsakanin biyu, fayil ya tsaya. Idan kuma ƙarin girma na ƙarshe bai shiga lissafi ba, za a auna masa fansho a kan matakin da ya riga ya wuce, ya yi ta cutuwa kowane wata. Duk wannan ana iya dubawa yau, yana kan kujera, cikin zama ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 210, ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha haƙƙinsa na fansho ko garatuti ba bisa doka ba, har ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Saboda haka abin da muke nema wa Malam haƙƙi ne da doka ta riga ta ba shi.

Kafin mu miƙa roƙonmu, akwai laifin da yake namu, kuma an yarda a zaman cewa a rubuta shi. Mu iyaye mun bar maka kaya da yawa, Malam. Mun san alli yana ƙarewa, kuma mun san ba ya ƙarewa a makarantarmu, ba mu taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Sai da ma'ajin ƙungiya ya buɗe littafinsa muka ga zango nawa aka yi ba wanda ya ba da ko naira, alhali an sayi alli, an sayi rijista, an shafa wa alluna baƙi, an gyara famfon burtsatse. Daga albashinka aka yi. Ana kiran taron iyaye mutum goma sha biyar su zo. Mu malamai kuma akwai ranakun da muka makara ka shiga ajinmu ka riƙe mana, ka ja layi a littafin zuwa aiki kamar yadda doka ta ce, amma ba ka taɓa tozarta ɗayanmu a gaban yara ba. Sai an tashi ka kira mutum ofis, ka rufe ƙofa. Ni kaina an rufe ƙofar nan da ni, kuma abin da ka faɗa mini ranar yana cikin abin da ya tsayar da ni a aikin nan. Muna neman gafararka.

Yanzu ga abin da muke roƙo daga shugabanninmu na ilimi, da girmamawa.

A sanar da sabon hedimasta cikin makon nan, a turo shi ya zauna da Malam aƙalla mako biyu kafin ranar tafiya. A yi miƙa aiki a rubuce, a gaban jami'in da ke duba makarantun yankinmu da shugaban kwamitin makaranta, a ƙirga komai: littattafai, benci, hatimi, makullai, kuɗin da ke hannu da bashin da ake bi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Muna fata a duba cancanta da sanin aiki wajen zaɓen, a ba mu wanda zai zauna a garin ko kusa da shi, domin wanda ke zuwa daga nesa ba zai iya zuwa masallacin unguwa bayan Isha'i ba.

A ba mu kabad na ƙarfe mai makulli kafin damina, a gyara rufin ofis. Mu za mu gina masa dakali mai tsawo da za a ɗora shi a kai, kuma malamai sun ɗauki nauyin kwafe tsofaffin rijistoci biyun nan da suka sha ruwa cikin sabon littafi a lokacin hutu, a ajiye na asalin tare da su. A turo mai awo ya auna filin makaranta, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takarda da sunan makaranta, tun shaidun nan biyu suna iya fita. A turo malamai aƙalla biyu kafin a dawo hutu, ɗaya na aji shida, ɗaya kuma a raba aji ɗaya da shi, kuma muna roƙon a samu mace a cikinsu, domin iyaye mata sun ce hankalinsu ya fi kwanciya da barin 'yan mata manya idan akwai malama fiye da ɗaya. Sannan a ɗauko fayil ɗin Malam yanzu a tantance shi, a gaya masa a rubuce idan akwai abin da ya rage, yadda fanshonsa zai fara a watan da ke bin albashinsa na ƙarshe, a kuma faɗa masa lokacin da zai karɓi garatutinsa.

Mu ma ba mu zo hannu rabbana ba. An amince kowane gida zai ba da kwano ɗaya na shinkafa a lokacin girbi, a sayar a zuba a asusun ƙungiya, ma'aji da shugaba su riƙe, a karanta lissafi a bainar jama'a ƙarshen kowane zango. Daga nan za a sayi alli da rijista, kada wanda zai zo ya gaji aljihun Malam tare da kujerarsa.

Kai kuma, ranka ya daɗe, muna da roƙo uku a wurinka. Ka zauna da ni da mataimakinka yamma biyu ko uku, ka yi ta faɗa muna rubutawa: watannin da yara ke ɓacewa da unguwanninsu, gidajen marayun da kake ɗauke wa kuɗin littafi ba tare da kowa ya sani ba, da yadda ka saba bi da kowane irin uba. Abin da ya kamata ya zama sirri zai zauna sirri tsakaninmu da magajinka. Ka taka iyakar fili da ƙafarka tare da mai gari da liman da dattawan nan biyu, mu bi ku da turaku, ko mai awo ya zo ko bai zo ba tukuna. Sannan ka karɓi kujerar dattijo a kwamitin makaranta. Ba za mu dame ka da zaman kowane mako ba, mun san gwiwarka tana damunka kuma gonarka ta daɗe tana jiranka. Sau ɗaya a zango ya ishe mu, da izinin mu zo zaure idan abu ya fi ƙarfinmu.

Iyalinka ma muna gode musu. Inna ta yi haƙuri da mu shekaru masu yawa, ta ciyar da malaman da aka turo baƙi kafin su sami masauki, ta bar adakar makaranta ta cinye mata wuri a ɗaki. A isar mata da gaisuwarmu.

Ranar Alhamis ta ƙarshen zango, bayan an raba sakamako, za a yi walima a harabar makaranta. Tsofaffin ɗalibanka daga Argungu da Birnin Kebbi da Jega sun ce za su zo, 'yan aji shida kuma suna shirya abin da za su karanta maka da Hausa da Turanci da Larabci. Muna gayyatar shugabanninmu na ilimi, kuma babban abin da zai faranta mana rai shi ne su zo da magajinka a gefensu da amsar fayil ɗinka a hannunsu.

Allah ya saka maka da alheri, Malam. Allah ya sa abin da ka koyar ya zama sadaka mai gudana, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka, ya jiƙan iyayenka da malamanka. Amin.

Naka ɗalibi,
Malamin aji huɗu, sakataren ƙungiyar iyaye da malamai,
a madadin malamai, iyaye maza da mata, da kwamitin kula da makaranta.